Dubu Sittin, Mako Shida: Yadda Ake Karanta Sanarwar Kwas ɗin Kodin na Matasa

Da zarar jarrabawar zango na uku ta ƙarato, sai sanarwa ta fara yawo a wayoyin iyaye. Hoton yaro ne yana murmushi gaban laftof, da rubutu mai launi a sama, sannan a ƙasa lambobi biyu da aka ƙara wa girma don kada ido ya wuce su, wato kuɗin shiga da ranar farawa. An buɗe rajistar kwas ɗin kodin na hutu, in ji su, kuma gurabe kaɗan ne. Uba ya duba kuɗin ya shafa aljihu, uwa ta duba ranar ta ga ko ta ci karo da bikin da za a je ƙauye. A nan yawanci shawara take ƙarewa, ko a biya ko a bari.

Lambobin nan biyu kuwa ba sa faɗin komai su kaɗai. Akwai lamba ta uku da ba kasafai ake bugawa ba, ita ce awa nawa yaron zai yi hannunsa na kan kibod. Ita ake saye. Kuɗin da ranar hanya ce kawai ta gano ta, kuma duk mai iya lissafin cefane zai iya fitar da ita.

Bari mu ɗauki sanarwa guda mu bi ta layi-layi. Ni na tsara ta don misali, ba ta wata cibiya ba ce, amma duk wanda ya taɓa ganin irinta zai gane fuskarta:

"Ana sanar da iyaye cewa an buɗe rajistar kwas ɗin kodin na dogon hutu don matasa 'yan shekara 13 zuwa 17. Za a koyar da Scratch, HTML, CSS, JavaScript da Python. Za a fara ranar Litinin, 3 ga Agusta, 2026, na tsawon mako shida, Litinin zuwa Laraba, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana. Kuɗin kwas naira 60,000, fom naira 5,000. Akwai satifiket. A hanzarta."

Lissafin farko mai sauƙi ne. Kwana uku a mako, mako shida, zama 18 ke nan. Kowane zama awa biyu, jimla awa 36. In ka raba 60,000 gida 36, kowace awa ta tashi a kan naira 1,667 ko kusa da haka. Amma wannan lissafin takarda ne. Ranar farko kusan kullum a rajista take tafiya, da gabatar da juna, da ɗora manhajoji a kwamfutoci, da neman wanda ya san fasuwad ɗin intanet. Ranar ƙarshe ta rabon satifiket ce da ɗaukar hoto. A 2026 kuma ana sa ran Mauludi zai faɗo wajajen 25 ko 26 ga Agusta, gwargwadon ganin wata, wato Talata ko Laraba, kuma ranar hutu ce. Zama uku sun fita, saura awa 30.

Sai tambayar da take sauya lissafin baki ɗaya, wadda sanarwar ba ta amsa ba: yara nawa ne a kan kwamfuta ɗaya? Idan biyu-biyu ake zama, rabon ɗanka awa 15 ne, in ma an yi raba daidai. Sau da yawa ba a yi, domin wanda ya fi saurin hannu shi ke riƙe kibod, ɗayan ya koma ɗan kallo yana gyaɗa kai. A wannan lissafi awar da yaron ya yi aiki da hannunsa ta koma naira 4,000. Kwatanta da wata sanarwa da ta ce naira 90,000, mako huɗu, kwana biyar a mako, awa uku kullum, kowa da kwamfutarsa. Awa 60 ke nan, kowace a kan naira 1,500 a takarda. Ko an zaftare mata zama uku kamar waccan, saura awa 51, ba ta kai naira 1,800 ba. Wadda ta fi tsada a ido ita ce mai araha.

Ba ina cewa zama biyu-biyu laifi ba ne a ko'ina. Ƙwararrun masu rubuta manhaja ma suna yi da gangan, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa, suna musanya kujera. Amma su sun riga sun iya. Mai koyo tamkar yaron shagon tela ne: ko ya shekara yana kallon maigida yana ɗinki, ranar da ya hau keke zare zai cukurkuɗe masa, kuma daga wannan cukurkuɗewar koyo yake farawa. Idan cibiya ta ce biyu-biyu take zaunar da yara, a tambaye ta kowane minti nawa ake musanya, kuma wa ke lura da agogo.

Ga kuma kuɗaɗen da ba a rubuta ba. Fom 5,000 mun gan shi. Kuɗin mota, a ce naira 1,000 zuwa da dawowa, sau 18, ya zama 18,000. Dubu sittin ta koma dubu tamanin da uku tun kafin a yi maganar abin taɓawa da ruwan sha. Idan kuma akwai wani ƙaramin layi a ƙasa da ke cewa kowa ya zo da laftof ɗinsa, to wannan layin ya fi duk sauran nauyi, domin ko ta hannu ce kuɗinta ya zarce na kwas ɗin. Abin da zai ɗan sanyaya zuciya shi ne, mai fara koyo ba ya bukatar na'ura mai tsada. Tsohuwar laftof mai lafiyayyen kibod da batirin da zai riƙe awa biyu ta wadatar da Scratch da Python. Batirin ne abin dubawa fiye da komai, saboda a wurinmu ɗauke wuta ba labari ba ne.

Maganar wuta ma tana cikin kuɗin, kuma a nan ya kamata a yi wa masu cibiyoyin adalci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta na awa biyu ko uku don kwamfutoci ashirin da fankoki ya daina zama ƙaramin abu. Ga haya, ga intanet, ga albashin malami wanda in ya ƙware da gaske yana da wurin da zai samu fiye da haka. Kwas mai arha fiye da kima yana nufin an rage wani abu, kuma abin da aka fi ragewa shi ne wanda iyaye ba sa gani daga bakin ƙofa, wato yawan kwamfutoci da ingancin malami. Sai dai idan akwai mai ɗaukar nauyi, gwamnati ko wata gidauniya, kuma masu irin wannan ba sa ɓoye sunansa.

Yanzu mu koma kan jerin abubuwan da aka ce za a koyar. Sunaye biyar ne, kuma yawansu shi ne ya kamata ya sa mutum ya dakata.

Scratch manhaja ce da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT da ke Amurka, aka sake ta a 2007, an kuma yi ta ne musamman don yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a buga umarni da hannu a cikinta, tubala ne masu launi ake jawowa a haɗa, sai wani hoton kyanwa ya motsa ko ya yi magana. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Tana da amfani wajen shigar da tunanin "yi kaza, in kaza ya faru maimaita kaza" a kan yaro ba tare da wahalar rubutu ba. Ga ɗan shekara 13 da bai taɓa riƙe maus ba, mako ɗaya ko biyu a kanta daidai ne. Ga ɗan shekara 17 da ya gama sakandare, mako biyu a kan kyanwa ɓata lokaci ne, kuma zai gaya maka da fuskarsa. Shi ya sa layin "13 zuwa 17" yake bukatar tambaya: aji ɗaya ne ko an raba?

HTML da CSS su ne ake gina fuskar shafin intanet da su, na farko ya tsara abin da ke shafin, na biyu ya yi masa ado. Suna da daɗin koyarwa domin sakamako na fitowa nan take, yaro ya rubuta sunansa ya ga ya fito ja a kan sikirin. Amma da su kaɗai ba a koyon lissafi da yanke hukunci irin na firogiramin. Wannan aikin JavaScript ne, wanda ya fito a 1995, ko Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Kowane ɗaya daga cikin biyun nan yana iya cinye awa 30 ɗin duka kuma a tashi ba a wuce shimfiɗa ba. In an raba awa 30 gida biyar, kowane ya samu awa shida, wato zama uku. A zama uku yaro zai iya kwafar abin da malam ya rubuta a allo, ya ga ya yi aiki, ya tafa. Ba zai iya zama shi kaɗai gaban farin shafi ya fara nasa ba. A ganina, sanarwar da ta ce "Python kawai" ko "gina shafin intanet kawai" ta fi wadda ta jero sunaye biyar gaskiya, ko da yake ta biyun ta fi cika ido.

To mene ne ainihin abin da ake koya a awa 30 masu kyau? Bari in nuna da kuɗin motar da muka lissafa ɗazu. Ga abin da yaro zai iya rubutawa a Python a makonsa na farko ko na biyu:

```python
kudin_mota = input("Nawa ne kudin mota a rana? ")
kwanaki = 18
print("Jimla:", kudin_mota * kwanaki)
```

Layi na farko yana tambayar mutum ya buga kuɗin, ya ajiye amsar. Na biyu ya ajiye adadin kwanaki. Na uku ya ninka su ya nuna. Yaron ya buga 1000 yana jiran ya ga 18000. Abin da zai fito sai ya ba shi mamaki, domin lambar 1000 ce za ta jeru sau goma sha takwas a manne da juna, 100010001000 har ƙarshen layi. Kwamfutar ba za ta nuna jan rubutu ba, ba za ta ce an yi kuskure ba, domin a wurinta ba a yi ba. Duk abin da `input` ya karɓo, Python rubutu yake ɗaukarsa, ba adadi ba, kuma ninka rubutu a wurinsa maimaita shi ne. Gyaran kalma ɗaya ce:

```python
kudin_mota = int(input("Nawa ne kudin mota a rana? "))
```

`int` ɗin nan shi ke mayar da rubutun ya zama cikakken adadi, sai 18000 ta fito. Mintunan da ke tsakanin ganin wancan shirmen da gano wannan gyaran, su ne kuɗinka ke saye. Malamin da ya san aikinsa ba zai karɓe kibod ya gyara ba. Zai ce wa yaron ya duba me ke cikin `kudin_mota`, ya tambaye shi me ya sa yake ganin haka ta faru, ya ba shi minti biyar ya yi ta fama, sannan ya dawo. Wannan ba ya yiwuwa idan malami ɗaya ne a kan yara talatin. A zaman awa biyu, minti 120 ne, rabon kowane yaro minti huɗu, in ma malamin bai tsaya gaban allo ko sau ɗaya ba. Don haka bayan yawan kwamfutoci, tambaya ta biyu ita ce yawan malamai da mataimakansu. Yara goma zuwa goma sha biyu ga mutum ɗaya shi ne iyakar abin da ni zan amince da shi ga masu farawa.

Akwai wata ƙaramar alama da ko wanda bai san kodin ba zai iya dubawa a littafin ɗansa. Idan ya ga an rubuta `print "Sannu"` ba tare da baka biyu ba, maimakon `print("Sannu")`, to tsohon Python 2 ake koyarwa, wanda masu kula da shi suka daina tallafa masa tun 1 ga Janairun 2020. Wannan na nuna an jima ba a sabunta darussan ba.

Ranar farawa kuma fa? Ita ma ba a karanta ta ita kaɗai, sai an haɗa da ranar gamawa, wadda sau da yawa ba a rubutawa. Mako shida daga 3 ga Agusta zai kai mu Laraba, 9 ga Satumba. Makarantu a Najeriya galibi a cikin Satumba suke komawa sabuwar shekarar karatu, kuma kowace jiha da kalandarta, masu zaman kansu ma wani lokaci da tasu. Idan makarantar ɗanka ta koma a makon farko ko na biyu na watan, musamman ta kwana, to makon ƙarshe ya tafi. Makon ƙarshe kuwa shi ne na aikin kammalawa, inda yaro zai haɗa abin da ya koya ya gina abu guda nasa. Wanda ya rasa shi ya ci wahalar ya bar ribar.

Haka ma a ɓangaren farko. Darussan kodin a kan juna suke hawa: sai ka san yadda ake ajiye adadi za ka iya gwada shi da `if`, sai ka iya `if` za ka gane maimaitawa da `for`. Yaron da ya shigo a mako na biyu don an je hutu wurin kaka zai tarar ana wani yare, ya yi shiru a bayan aji, ya dawo gida ya ce abin ba nasa ba ne. Cibiyar da ke ci gaba da karɓar kuɗi har mako na uku ba tare da wani shiri na cike gurbi ba, ta nuna abin da ta fi damuwa da shi. 'Yan aji biyu na babbar sakandare kuma a duba, domin makarantu da yawa suna riƙe su a darasin hutu don shirin WAEC da NECO. Waɗanda suka gama rubuta jarrabawar suna zaman jiran sakamako, su ne suka fi kowa sararin lokaci, kuma su ya fi dacewa da kwas mai kwana biyar a mako.

Sa'a ma abin lura ce. Ƙarfe 10 zuwa 12 na safe ya kauce wa Islamiyyar yamma, amma wasu Islamiyyun suna komawa safe idan an yi hutun boko. Agusta kuma ita ce tsakiyar damina a Kano da Zariya da Katsina da maƙwabtansu. Ranar da aka tashi da ruwa, rabin aji ba zai iso kafin sha ɗaya ba. Yana da kyau a ji tun farko ko ana rama darasin da ruwa ko rashin wuta ya cinye.

Wani abin da ke faruwa, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne ɗage ranar. Ƙananan cibiyoyi da yawa da kuɗin rajistar suke biyan haya da mai, don haka in ba a samu adadin da ake so ba sai a ce an ƙara mako ɗaya "saboda buƙatar jama'a". Mako ɗaya ya zama biyu, hutu kuma ba ya jira. Kafin ka tura kuɗi, ka nemi a rubuta maka abin da zai faru idan ba a fara a ranar da aka sanar ba, da kuma ko za a mayar da kuɗi. Ka je wurin da ƙafarka ka ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa, ba waɗanda aka jera a tebur ba. Ka duba ko sunan da ke kan asusun banki shi ne na cibiyar, ko kuwa na wani mutum ne daban, kuma in sun ce suna da rajista, ana iya bincika sunan a shafin hukumar CAC. Ka karɓi rasit. Idan sun yarda a biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan mako biyu, wannan alama ce ta mutanen da suka yarda da aikinsu. Masu 'ya'ya mata kuma suna da haƙƙin sanin su wane ne malaman, ko akwai mace a cikin ma'aikata, da wanda ke tsaye a ƙofa lokacin tashi. Hoton yaron da ke kan sanarwar ma ɗan wani ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi a nemi izinin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, don haka fom ɗin da ka sa wa hannu ya kamata ya faɗi me za a yi da hoton ɗanka da lambar wayarsa.

Saura alkawarin da wasu sanarwoyin ke ƙarawa, cewa yaro zai fara samun dala bayan kwas. Irin wannan horo na gaggawa ya yi tashe ne a Amurka daga wajajen 2012, lokacin da aka buɗe Dev Bootcamp a San Francisco. Na manya ne masu son sauya sana'a, suna wuni a kai har dare na tsawon makonni, kuma ita kanta wannan cibiyar ta rufe a 2017. Abin da ake yi wa matasa a hutu ya ari sunan ne kawai, awa biyu a rana ba ta kama ƙafar wancan ba. Ƙari a kan haka, shafin neman aiki irin Upwork ba ya karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Satifiket ɗin kuma takardar shaidar halarta ce. Ba ta shiga lissafin samun gurbin jami'a, kuma masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni aikin da mutum ya gina suke son gani. Abin da awa 30 za ta iya bayarwa, in an yi ta da kyau, shi ne yaro ya san ko yana son abin, ya daina tsoron jan rubutun kuskure, ya kuma iya bin darussan kyauta irin na freeCodeCamp ko CS50 na jami'ar Harvard da kansa, in Turancinsa ya kai.

Idan an riga an biya kuma an fara, akwai gwajin da kowane uba ko uwa za su iya yi a ƙarshen mako na biyu, ko da ba su taɓa kunna kwamfuta ba. Kada a ce "nuna mini abin da kuka yi", domin abin da aka kwafa daga allo ma yana aiki. A ce ya sauya shi. In lissafin kuɗin mota ne, a ce, "To Abba, mayar da shi ya tambaye ni kwanakin ma, maimakon sha takwas ɗin nan, kuma in kuɗin ya wuce dubu ashirin ya rubuta mini cewa ya yi yawa." Yaron da ake koyarwa da gaske zai yi jim, ya gwada, ya samu kuskure, wataƙila ma ya sake mance `int` a sabon layin, sannan ya gyara cikin minti goma ko ashirin. Wanda ake sa wa kwafi zai ce malam bai zo wurin ba tukuna. Idan amsar da aka samu ke nan, saura mako huɗu a kwas ɗin, kuma rabin kuɗin na hannunka in kashi biyu ka biya. Washegari sai a raka shi, a nemi ganin malamin, a roƙi izinin zama a bayan aji na rabin awa, a ƙirga sau nawa hannun yaron ya taɓa kibod.